Wane Ma'auni Ya Dace da Raba Yankunan Yanayi, Daga Bakin Hamada Zuwa Gaɓar Teku?

Duk wanda aka ɗora wa aikin zana taswirar yanayin wani yanki, ko malamin labarin ƙasa ne, ko jami'in aikin gona, ko mai tsara yadda za a raba ruwa, abu na farko da zai yanke shi ne da wane ma'auni zai ja layukan da suka raba bakin hamada da sabana, suka kuma raba sabana da gaɓar teku mai laima. Ma'aunai uku ne aka fi amfani da su a yau. Akwai tsarin Köppen, wanda ke bai wa kowane wuri haruffa biyu ko uku. Akwai ma'aunin fari, wanda ke auna ruwan da ya sauka da ruwan da rana da iska za su iya ƙafarwa. Akwai kuma lissafin tsawon lokacin noma, wanda ke ƙirga kwanakin da ƙasa ke da danshin da zai ishi shuka. Kowannensu yana amsa tambaya dabam, saboda haka taswirorin da suke haifarwa ba sa haɗuwa a wurare da yawa, kuma wuraren da suka saɓa su ne suka fi taimaka wa mai zaɓi. Afirka ta Yamma ce za ta zama misalinmu, domin a cikin tazarar da ba ta kai kilomita 1,500 ba mutum yana iya tashi daga Agadas, inda ruwan shekara bai kai milimita 200 ba, ya sauka Fatakwal, inda ya haura milimita 2,000.

Kafin a shiga kwatancin, akwai abu guda da ya kamata a fahimta game da yanki irin wannan. A ƙasashen da ke nesa da ikwaita, sanyi da zafi ne ke raba yankuna. A nan kuwa zafi kusan ɗaya ne daga arewa har kudu: matsakaicin zafin shekara a mafi yawan tasoshin da ke ƙasa-ƙasa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30 ne a ma'aunin Salsiyas, kuma ko a Agadas matsakaicin watan Janairu, wato tsakiyar hunturu, yana wajen digiri 20. Abin da ya bambanta wuri da wuri shi ne ruwa: nawa ne yake sauka, a cikin wata nawa yake sauka, kuma nawa ne yake tsayawa a ƙasa bayan rana ta ɗebi rabonta. Ma'aunin da ya fi gani a kan waɗannan abubuwa uku shi ne zai fi amfani.

Tsarin Köppen da abin da haruffansa ke ɓoyewa

Wladimir Köppen ya fitar da tsarinsa a 1900, ya yi masa gyara a 1918 da 1936, daga baya Rudolf Geiger ya ƙara nasa gyare-gyaren, shi ya sa ake kiransa Köppen-Geiger. Babban alherinsa shi ne sauƙi. Abin da yake buƙata kawai shi ne matsakaicin zafi da matsakaicin ruwan sama na kowane wata a cikin watanni goma sha biyu, kuma kusan kowace tashar duba yanayi tana da waɗannan alƙaluma.

Matakin farko shi ne a tantance ko wurin busasshe ne, wato rukunin B. Ana ninka matsakaicin zafin shekara sau 20, sannan a ƙara wani adadi gwargwadon lokacin da ruwan ke sauka. Idan kashi 70 cikin ɗari ko fiye na ruwan yana zuwa ne a rabin shekarar da rana ke tsaka, wato Afrilu zuwa Satumba a arewacin ikwaita, ana ƙara 280. Idan a ɗaya rabin yake zuwa, ba a ƙara komai. Idan ya rarrabu tsakanin biyun, ana ƙara 140. Abin da aka samu shi ne iyakar da ake gwada ruwan shekara da ita, kuma ga yadda lissafin yake idan 280 aka ƙara.

```
iyaka = 20 × T + 280
P < iyaka ÷ 2          → BW
iyaka ÷ 2 ≤ P < iyaka  → BS
```

A nan T shi ne matsakaicin zafin shekara, P kuma ruwan shekara a milimita. BW hamada ce, BS kuma bakin hamada, sannan ana ƙara ƙaramin harafin h idan matsakaicin zafin shekara ya kai digiri 18. Mu ɗauki Yamai. Zafinta yana wajen digiri 29, don haka iyakarta ita ce milimita 860, rabin iyakar kuma 430. Ruwanta na shekara a tsakanin 1961 da 1990 ya kai wajen milimita 540, wanda ya fi 430 amma bai kai 860 ba, sai ta zama BSh. Agadas ba ta ko kusanci rabin iyakarta ba, sai ta zama BWh. Har zuwa nan tsarin ya yi daidai da abin da ido ke gani a ƙasa.

Matsalar tana farawa ne da zarar an tsallake iyakar B an shiga rukunin A, inda kowane wata matsakaicin zafinsa ya kai digiri 18. A cikin wannan rukuni, watan da ya fi kowane bushewa shi ne alƙali. Idan ya samu milimita 60 ko fiye, wurin Af ne, wato mai ruwa duk shekara. Idan bai samu ba, sai a raba ruwan shekara da 25, a cire sakamakon daga 100. Watan da ya fi bushewa idan ya kai wannan adadi wurin Am ne, wato mai damina mai yawan ruwa, idan bai kai ba kuma Aw ne, wato sabana. Idan aka gwada wannan a Legas da ruwan shekara na wajen milimita 1,500, sakamakon rabawar 60 ne, a cire daga 100 saura 40, kuma watan da ya fi bushewa a Legas bai kai milimita 40 ba. Legas ta zama Aw ke nan. Kaduna ma Aw ce, haka nan Bamako. Amma a Kaduna ana shafe wata huɗu zuwa biyar ba a ga ɗigon ruwa ba, iska ta bushe ƙarau a hunturu, alhali a Legas laimar iska ba ta sauka ƙwarai ko da rani, damina ta fi tsawo, kuma tana da kai biyu da ɗan tsagaitawa a wajen watan Agusta. Mutumin da ya dogara da haruffan nan kaɗai zai shafa launi ɗaya a taswira tun daga bakin tekun Legas har zuwa kusa da Kano, ya haɗe wuraren da ake noman doya da rogo da wuraren da dawa da gero ke mulki.

Konakiri tana nuna wani gefen na wannan rauni. Ruwanta na shekara yana wajen milimita 3,800, kuma Yuli da Agusta kowannensu yana haura milimita 1,000, amma daga Disamba zuwa Maris kusan ba a samun komai. Idan aka raba 3,800 da 25 ana samun 152, a cire daga 100 sai adadin ya faɗi ƙasa da sifili, ma'ana ko da watan da ya fi bushewa bai ga ruwa ko kaɗan ba, dole wurin ya zama Am. Köppen yana da dalilinsa, domin ya ɗauka cewa ruwa mai yawa haka zai bar ajiya a ƙasa da za ta ɗauki manyan itatuwa har ƙarshen rani. Ga dazuzzuka wannan zato yana da tushe. Ga shuka mai gajeriyar saiwa, ko ga madatsar ruwan da za ta shayar da birni a watan Maris, zaton ba ya tsayawa, domin mafi yawan ruwan Yuli da Agusta ya riga ya gangara teku.

Duk da haka ban ga dalilin yar da tsarin Köppen ba. Shi ne harshen da littattafan labarin ƙasa na duniya ke magana da shi, kuma sababbin taswirorinsa, irin wadda Peel da abokan aikinsa suka fitar a 2007 da wadda Beck da abokan aikinsa suka fitar a 2018, suna samuwa ga kowa. Idan manufar ita ce a nuna wa ɗalibi cewa Yamai ta yi kama da wasu sassan arewa maso yammacin Indiya, ko a kwatanta wani yanki da takwaransa a wata nahiya, babu abin da ya fi shi.

Ma'aunin fari: ruwan da ya zo da ruwan da zai tafi

Milimita 500 a wuri mai sanyi da lumshi ruwa ne mai yawa, amma a wurin da rana ke dukan ƙasa kuma busasshiyar iska ke kaɗawa, ba ya isa ko'ina. Ma'aunin fari yana ɗaukar wannan gaskiya kai tsaye. Ana lissafa yawan ruwan da zai ƙafe daga ƙasa da ganyen tsirrai a shekara in da a ce ruwan ba ya yankewa, wanda ake rubutawa PET a cikin jadawalai, sannan a raba ruwan saman shekara da shi. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da iyakokin a 1992: ƙasa da 0.05 tsantsar hamada ce, 0.05 zuwa 0.20 busasshen yanki, 0.20 zuwa 0.50 mai matsakaicin bushewa, 0.50 zuwa 0.65 mai ɗan danshi da ya karkata ga bushewa, abin da ya haura 0.65 kuma mai danshi. Yarjejeniyar yaƙi da kwararowar hamada ta 1994 ta ɗauki tsakanin 0.05 da 0.65 a matsayin ƙasashen da aikinta ya shafa, don haka duk wanda ke rubuta rahoto ko neman tallafi a wannan fanni ba shi da mafita sai ya yi aiki da wannan ma'auni.

Abin da ya fi Köppen da shi shi ne yana ba da lamba mai hawa da sauka, ba harafi kawai ba. Idan aka ɗauka cewa ƙafewar shekara a Yamai tana wajen milimita 2,300, sai a raba 540 da ita a sami 0.23, wato tana cikin rukuni na uku amma dab da bakin na biyu. Wani wuri da ke kudu da ita yana iya samun 0.45, ya kasance a rukuni ɗaya da ita, amma lambar ta riga ta nuna cewa halin da suke ciki ba ɗaya ba ne. Wannan ya sa ma'aunin ya dace ƙwarai da arewacin yankin, inda ake son sanin ina ne makiyaya ta ƙare, ina ne noman damina zai yiwu, ina ne dashen itace zai buƙaci ban ruwa a shekarunsa na farko.

Rauninsa biyu ne, kuma na farkon shi ne ya fi yaudarar mutane. PET ba abu ne da ake aunawa da kwano kamar ruwan sama ba. Lissafa shi ake yi, kuma hanyoyin lissafin ba sa ba da amsa ɗaya. Hanyar Thornthwaite ta 1948 tana dogara ne da zafi da tsawon yini kawai. Hanyar Penman-Monteith, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a matsayin mizani a 1998, tana buƙatar zafi da laimar iska da gudun iska da hasken rana. A busassun wurare masu iska, hanyar Thornthwaite takan ba da adadin da ya gaza na gaskiya, musamman a watannin hunturu, domin ba ta san cewa iskar ta bushe kuma tana gudu ba. Sakamakon haka shi ne wuri ɗaya, da ruwan sama ɗaya, yana iya faɗawa rukuni biyu dabam a taswirori biyu. Akwai kuma tsohon tsarin UNESCO na 1979, mai iyakoki 0.03 da 0.20 da 0.50 da 0.75, wanda har yanzu ana cin karo da shi a wasu rahotanni. Alamar da za a gane cewa an cakuɗa abubuwa ita ce a ga layin yanki ya karye ko ya yi tsalle daidai kan iyakar ƙasashe biyu ko jihohi biyu, domin yanayi bai san iyakar siyasa ba. Idan aka ga haka, kusan kullum hanyar lissafi ce ko shekarun da aka ɗauka suka bambanta.

Rauni na biyu shi ne lamba ɗaya ce ga shekara guda, ba ta san wata ba. Konakiri tana samun fiye da 2 a wannan ma'auni, wato danshi ya yi mata yawa, kuma ba za a taɓa gane daga wannan lamba cewa tana da rani na wata huɗu zuwa biyar ba. A kudu da layin 0.65 ma'aunin ya daina rarrabewa gaba ɗaya, komai ya zama mai danshi.

Tsawon lokacin noma, da yadda ake lissafa shi

Wannan hanya ta fito ne daga aikin raba yankunan noma da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta fara fitarwa a 1978, kuma ita ce a ganina ta fi dacewa da yankin da ruwa ne ke mulkinsa. Ka'idarta ita ce lokacin noma yana farawa ne sa'ad da ruwan sama ya haura rabin PET, yana ci gaba muddin haka ta ɗore, sannan a ƙara masa kwanakin da shuka za ta yi tana shan ajiyar da ta rage a ƙasa, wadda ake ɗauka ba ta wuce milimita 100 ba. An zaɓi rabi ne domin ƙaramar shuka da ta tsiro ba ta shan ruwa kamar babba, haka nan wadda ta nuna tana jiran girbi. Akwai sharaɗin zafi na digiri 5, amma a yankin da muke magana a kai ba ya hana komai. Abin da ya gaza kwana 75 busasshen yanki ne, 75 zuwa 179 mai matsakaicin bushewa, 180 zuwa 269 mai matsakaicin danshi, 270 zuwa sama kuma mai danshi.

Mu koma Yamai mu bi lissafin wata-wata. Matsakaicin ruwanta a tsakanin 1961 da 1990 ya kasance wajen milimita 35 a Mayu, 70 a Yuni, 155 a Yuli, 170 a Agusta, 90 a Satumba, 10 a Oktoba. Don sauƙin lissafi mu ɗauka cewa ƙafewar wata tana wajen milimita 200 a Yuni, 175 a Yuli, 155 a Agusta, 160 a Satumba, 180 a Oktoba. Rabin na Yuni 100 ne, ruwan Yuni kuma 70, saboda haka a matsakaiciyar shekara watan bai cika sharaɗi ba sai can ƙarshensa. Yuli da Agusta sun wuce sharaɗin da tazara mai faɗi. Satumba ya tsallake da ƙyar, 90 a kan 80. Oktoba ya faɗi. Ajiyar ƙasa kuwa kaɗan ce, domin a Agusta ne kawai ruwan ya haura cikakkiyar ƙafewa, kuma da milimita 15 kacal. Jimillar ta tsaya a wajen kwana 90 zuwa 100. Wannan lamba tana faɗa wa mai karatu abin da BSh da 0.23 ba su faɗa ba: geron da ke nuna a cikin kwana 90 zai kai gaci a matsakaiciyar shekara, amma irin da ke buƙatar kwana 120 zai fitar da kai ne bayan ruwa ya ɗauke.

Idan aka yi wa Konakiri irin wannan lissafi, ruwan yana haura rabin ƙafewa daga Mayu zuwa wajen Nuwamba, a ƙara kusan wata guda na ajiyar ƙasa, jimillar ba ta kai kwana 270 ba. Garin da ya fi kusan kowane gari a yankin samun ruwan sama ya faɗa rukunin masu matsakaicin danshi, kuma wannan shi ne gaskiyar abin da mai shuka ke fuskanta a can. Legas da Kaduna, waɗanda Köppen ya haɗe, a nan sun rabu da tazarar watanni.

Kuɗin da ake biya shi ne yawan bayanai. Lissafi da alƙaluman wata-wata yana iya kuskure da mako biyu ko uku a farkon damina da ƙarshenta, kuma a wurin da dukan lokacin noman kwana 90 ne, mako uku ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa cibiyoyi irin su AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin farkon shekarun 1970, suke aiki da kwana goma-goma. Zaton ajiyar milimita 100 shi ma ba ya tsayawa a ko'ina, domin ƙasa mai yashi ko wadda marmara ke kusa da samanta ba ta riƙe haka, ƙasar fadama kuma tana riƙe fiye da haka. Sannan matsakaicin lissafi ba ya nuna ruwan yaudara, wato a yi ruwa mai ƙarfi a shuka, sai a yi mako biyu ko uku ba a sake gani ba. Don toshe wannan giɓi ne wani masanin yanayi mai suna Sivakumar ya ba da ma'anar farkon damina a 1988: rana ta farko bayan 1 ga Mayu da aka tara milimita 20 a cikin kwana uku a jere, kuma ba a sami yankewar ruwa ta fiye da kwana bakwai ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Wanda ke da alƙaluman kullum ya kamata ya haɗa wannan da lissafin.

Inda ukun suka yi karo: Kano da Akara

Kano da Akara suna samun ruwan shekara kusan ɗaya, a wajen milimita 800, alhali ɗaya tana can cikin ƙasa kusa da bakin hamada, ɗayar kuma tana bakin teku a tsakanin yankuna biyu masu dazuzzuka. Bushewar gaɓar Akara, wadda ta miƙe ta Togo zuwa Binin ta raba dajin Afirka ta Yamma gida biyu, ana danganta ta da abubuwa biyu: gaɓar tekun a wurin ta kwanta kusan daidai da hanyar da iskar damina ke bi daga kudu maso yamma, don haka iskar ba ta hawa ƙasa ta zubar da ruwanta, sannan ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin teku a tsakanin Yuli da Satumba, ya danne haɗuwar hadari.

A tsarin Köppen dukansu biyu suna zaune ne a kan layin da ya raba BSh da Aw. Iyakar Kano, da zafin digiri 26, milimita 800 ce. Ta Akara, da digiri 27, milimita 820. Ma'aunin fari yana ɗan raba su, domin laimar bakin teku tana rage ƙafewa a Akara, sai lambarta ta fi ta Kano. Amma lissafin lokacin noma ne kaɗai ke nuna cewa siffar shekarar tasu ba ɗaya ba ce. Ruwan Kano yana dunƙule a cikin wata huɗu, Yuni zuwa Satumba, Agusta ne ƙololuwarsa, kuma lokacin noma ɗaya ne mara yankewa. Na Akara ya rabu biyu: babbar damina daga Afrilu zuwa farkon Yuli, sai Agusta ya faɗi ƙasa da rabin ƙafewa, sai ƙaramar damina a Satumba da Oktoba wadda ba kullum take cika sharaɗi ba. Wanda ya tara kwanakin biyun ya rubuta lamba ɗaya ya ɓata aikin. Dole a rubuta su dabam-dabam.

Tsohuwar hanyar layukan ruwan sama, wadda ke kiran Sahel daga wajen milimita 200 zuwa 600, Sudan zuwa wajen 1,000, Gini a kudu da nan, sai daji, ta samo sunayenta ne daga aikin masanin tsirrai Auguste Chevalier a farkon ƙarni na 20. Tana da sauƙin koyarwa kuma tana aiki a cikin ƙasa, inda damina ɗaya ce, amma marubuta ba su yarda da iyakoki ɗaya ba, kuma da ita Akara za ta zama Sudan, abin da ba ya bayyana komai game da ita.

Shekarun da aka ɗauka

Kano tana koya mana wani abu da ya shafi ma'aunan uku gaba ɗaya. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya tana son a ɗauki matsakaicin shekara 30, kamar 1961 zuwa 1990 ko 1991 zuwa 2020. Zangon 1961 zuwa 1990 ya ƙunshi farin 1972 da 1973 da na 1983 da 1984, kuma a cikinsa matsakaicin Kano ya sauka zuwa wajen milimita 700, ƙasa da iyakarta, sai ta zama BSh. A shekarun da suka gabace shi, musamman na 1950 masu yalwar ruwa, matsakaicin ya haura 800, ta zama Aw. Garin bai motsa ba, ma'aunin bai canza ba, amma harafinsa ya canza. A faɗin Sahel layukan ruwan sama sun ja kudu da fiye da kilomita 100 tsakanin waɗannan zanguna biyu, sannan suka ɗan koma arewa daga shekarun 1990. Saboda haka taswirar da ba ta rubuta shekarun da ta dogara da su ba, ba za a iya kwatanta ta da wata ba, kuma tasoshin da za a haɗa a taswira ɗaya dole su kasance na zango ɗaya. Inda tasoshi suka yi ƙaranci, bayanan tauraron ɗan Adam irin na CHIRPS, waɗanda suka faro daga 1981, suna cike giɓi, amma sai an gwada su da tasoshin ƙasa kafin a amince da su, musamman a bakin teku da wurare masu tuddai.

Zaɓin da zan ba da shawara a kai

Idan taswirar ta koyarwa ce ko ta kwatanci da sauran duniya, a ɗauki Köppen, amma a raba Aw gida biyu ko uku bisa yawan watannin da ba su kai milimita 60 ba, domin Legas ta rabu da Kaduna. Idan aikin ya shafi kwararowar hamada, makiyaya, ko dashen itatuwa a arewa, a ɗauki ma'aunin fari, a lissafa PET da hanya ɗaya ga dukan tasoshi, a kuma rubuta sunan hanyar a jikin taswirar. Idan kuwa tambayar ita ce me za a shuka, yaushe, kuma wane iri, ko kuma ana son taswira guda ce da za ta ɗauki yankin tun daga bakin hamada har teku, lissafin lokacin noma ne ya kamata ya zama ginshiƙi, domin shi kaɗai ne ke ci gaba da rarrabewa a arewa da kudu duka.

Wajen zana layukan kuma, musamman a arewa, ya fi kyau a lissafa kowace shekara ita kaɗai maimakon a dogara da matsakaici. Idan tasha tana da shekara 30 na bayanai, a ƙirga a cikin shekara nawa lokacin nomanta ya kai kwana 90, ko 120, ko duk abin da shukar da ake magana a kai ke buƙata. Wurin da ya kai a shekara 24 cikin 30 a saka shi a cikin yankin, wanda bai kai ba sai a shekara 10 a fitar da shi, abin da ke tsakani kuma a shafa masa launi na daban a matsayin zirin canji, a rubuta faɗinsa da kilomita a bayanin taswirar.